Sarƙa ko jeri: an ce ɗaya ya fi sauri, amma firogiram ɗina ya tsaya cak

sadiq_400L

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako kan furojet ɗina na shekarar ƙarshe. Manhaja ce ta lissafin ciniki na kantin magani, da Java nake rubutawa. Kowane ciniki ina zuba shi a cikin `LinkedList`, wato sarƙa, saboda a aji an koya mana cewa sarƙa ta fi jeri irin `ArrayList` sauri wajen sakawa da cirewa, kuma a kantin ana yawan soke ciniki idan mai saye ya fasa.

Da na gwada da ciniki 500 komai lafiya lau. Jiya na cika shi da ciniki 100,000 na gwaji don in nuna wa mai duba aikina, sai tara jimilla kawai ya ɗauki kusan daƙiƙa 8. Na ninka zuwa 200,000, ya wuce rabin minti, fankar laftof tana ta gurnani. Ga inda yake maƙalewa:

```java
long jimla = 0;
for (int i = 0; i < ciniki.size(); i++) {
    jimla += ciniki.get(i).kudi;
}
```

Tarawa ce fa kawai. Ina laifin yake? Kuma in dai sarƙa ce mai saurin, me ya sa nawa ya zama haka?

Danladi_Waya

Ram ɗinka nawa ne? In giga 4 ne to ba sai an yi dogon bincike ba. Java cin ram gare ta kamar gara. Ka ƙara zuwa 8, ka sa sabon faifai mai sauri, za ka ga canji.

sadiq_400L

Giga 8 ne Yaya Danladi. Kuma na duba lokacin da yake aikin, ko rabi bai cika ba.

Maman_Hanif

Wa alaikumus salam. Ka bar ram ya huta, ba shi da laifi. Ai kai da kanka ka kawo shaidar: ka ninka kaya sau biyu, lokaci ya ninku sau huɗu. Duk inda ka ga haka, to a cikin zagayen da ka rubuta akwai wani zagayen a ɓoye da ba ka gani. A nan `get(i)` ne.

Sarƙa ba ta san inda abu na 30,000 yake ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne gaɓar farko da ta ƙarshe. Kowace gaɓa tana wani lungu daban a cikin memori, tana ɗauke da kayanta da adireshin ta gaba da ita da na ta bayanta. To idan ka ce `get(30000)`, sai ta fara daga kai tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya har sau 30,000. Ta ba ka amsa, ta manta inda ta tsaya. Ka ce `get(30001)`, ta sake komawa kai ta faro daga farko.

Gyara layi ɗaya ne:

```java
for (Ciniki c : ciniki) {
    jimla += c.kudi;
}
```

Wannan yana riƙe gaɓar da yake kai, sai ya taka ɗaya zuwa ta gaba. Taku 100,000 ke nan gaba ɗaya. Gwada ka dawo mana da labari.

Abba_Kod

Maman Hanif ta faɗi gaskiya, sai dai ƙaramin gyara. Ta Java ba kullum take farawa daga kai ba. Tana duba lambar da ka nema, in tana rabin farko ta faro daga kai, in tana rabin ƙarshe ta faro daga wutsiya ta yo baya. Don haka mafi nisan tafiya shi ne 50,000, a tsakiya, kuma in ka yi matsakaici kowane `get` taku 25,000 ne. Ka ninka da kira 100,000, ka samu taku biliyan 2 da rabi. Abin da laftof ɗinka yake yi ke nan a daƙiƙa 8 ɗin nan, ai ma ya yi ƙoƙari. Da 200,000 kuma biliyan 10 ne. Da 500 da ka fara gwadawa taku 62,500 ne kacal, shi ya sa ba ka ji komai ba.

Maman_Hanif

Na karɓi gyara Abba. Rangwamen rabi ne dai, cutar tana nan.

sadiq_400L

Ikon Allah. Na canza, yanzu kafin in ɗaga yatsa daga madanni ya gama. Na gode ƙwarai Anti. Amma har yanzu kaina bai waye ba. Me ya sa `ArrayList` ita take sanin inda na 30,000 yake ba tare da ta ƙirga ba? Ai ita ma dole ta nemo shi.

Malam_Habu_Zariya

Ba ta nema, ɗana, lissafi take yi.

Ka ɗauki layin shaguna a kasuwa, an gina su a jere, duk faɗinsu ɗaya, an sa musu lamba. In ka san inda shago na farko yake kuma ka san faɗin shago, ba ka buƙatar ka tambayi kowa ina shago na 40. Jeri haka yake: fili ɗaya ne a memori, a manne, an yanka shi gida-gida daidai wa daida. A ce jerin lambobi ne irin `int`, kowanne bayit 4, kuma ya fara daga adireshi 1000. Na farko, wanda muke kira na 0, yana 1000. Na 1 yana 1004. Na 7 fa?

```
adireshi = farko + i * girma
1000 + 7 * 4 = 1028
```

Ninkawa ɗaya, tarawa ɗaya, an isa. Ko na 7 ka nema ko na miliyan 7, aikin ɗaya ne. Wannan ne ma ya sa ƙirgen yake farawa daga 0: lambar tana faɗin nisanka daga bakin layi ne, na farko kuwa nisansa sifili.

Sarƙa kuma kamar ka shiga baƙon gari neman mutum ne da kwatance. Ka je gidan farko a ce maka je ka gidan wane a bayan masallaci, can a ce maka sai ka je bakin tasha, can kuma a tura ka wata unguwar. Kowane gida na gaba da shi kawai ya sani. Ba yadda za a yi ka tsallake zuwa gida na 40 ba ka bi ta 39 ba.

ummi_dev

Mu carbi aka ba mu misali da shi a makaranta. Ka ja ɗaya bayan ɗaya kafin ka kai na 33.

Malam_Habu_Zariya

Carbi ya yi daidai ta fuskar ja ɗaya-ɗaya, amma yana ɓoye rabin labarin. 'Ya'yan carbi a manne suke da juna a hannunki. Gaɓoɓin sarƙa kuwa ba dole su zauna kusa ba, duk inda aka sami fili lokacin da aka ƙirƙiri gaɓar nan ake ajiye ta. Wannan warwatsuwar tana da nata kuɗin, zan dawo kanta in na fito daga salla.

Nura_Injiniya

Ni fa ina ga kuna neman ku yi wa sarƙa taron dangi. Yaron nan bai yi kuskure ba da ya zaɓe ta, kuskurensa a zagayen ne kawai, kuma an gyara. Ya ce ana yawan soke ciniki. Cirewa a sarƙa O(1) ne, wato aikin ɗaya ne komai yawan kaya, a jeri O(n), yana ƙaruwa da yawan kayan. Ka cire abu a tsakiyar jeri, duk waɗanda suke bayansa sai sun matso su cike gurbin, kamar sahun salla idan mutum ɗaya ya fita. A sarƙa kuwa adireshi biyu za ka sauya: na baya ya nuna na gaba, na gaba ya nuna na baya, shi ke nan. Wannan ko a jarrabawa haka yake. Sadiq ka zauna a kan sarƙarka.

Abba_Kod

Injiniya, O(1) ɗin nan akwai sharaɗi a gindinsa da ake yawan haɗiyewa: sai in kana tsaye a kan gaɓar da za ka cire. To wa ya kai ka wurin? Idan mai kanti ya ce a soke rasit mai lamba kaza, sai ka bi sarƙar tun daga kai kana dubawa har ka same shi. Yankewar ce mai arha, zuwan ba arha ba. `remove(i)` da `add(i, x)` na `LinkedList` duk sai sun yi irin tafiyar da `get(i)` yake yi kafin su taɓa komai.

Nura_Injiniya

To ai a jerin ma sai ka nemo rasit ɗin. Ka nema, sannan ka matsar. Aiki biyu. A sarƙa nema kawai. Har yanzu sarƙa ce a gaba.

Malam_Habu_Zariya

Na dawo, kuma na tarar kun iso daidai inda na tsaya.

Malam Nura, a ƙirgen taku kana da gaskiya. Abin da ƙirgen bai nuna ba shi ne taku ba duka farashinsu ɗaya ba. Furosesa ta fi ram sauri nesa ba kusa ba. Ɗauko abu daga ram yana cin wajen nanosakan 100, alhali in abin yana cikin ƙaramar ma'ajiyar da ke jikin furosesar, wadda ake kira kesh, nanosakan ɗaya ne ko biyu. Saboda haka furosesa ba ta zuwa ram ta ɗauko bayit 4 ta dawo. In ta je, guntu guda take ɗebowa, bayit 64 a yawancin kwamfutocin da muke amfani da su. Kamar mai zuwa rijiya mai nisa ne, ba ya zuwa da kofi.

Yanzu duba jerin `int`. Bayit 64 lambobi 16 ne. Ka nemi na farko, an kawo maka shi da maƙwabtansa 15 kyauta. Bayan haka furosesa tana lura cewa a jere kake tafiya, sai ta fara ɗebo guntu na gaba tun ba ka tambaya ba. Kusan ba ka jira.

A sarƙa kuwa, ba za a san adireshin gaɓa ta gaba ba sai an karanta wadda ake kai. Furosesa ba ta da abin da za ta hango. In gaɓoɓin a warwatse suke kuma sun fi ƙarfin kesh, kowane taku zuwa rijiya ne, a tsaya a jira, a dawo, sannan a san inda za a nufa. Bayit 64 ɗin da aka ɗebo ma yawancinsu ba naka ba ne.

Shi kuma matsarwar da kake tsoro, ba ɗaya-ɗaya ake yin ta ba kamar mutane a sahu. `ArrayList` tana kiran `System.arraycopy`, wanda yake kwashe fili guda ya tura shi gaba ɗaya, irin aikin da injin ya fi ƙwarewa a kai. Matsar da gurabe 50,000 masu bayit 4 kwashe kilobayit 200 ne a jere, kuma sau da yawa ya fi bin gaɓoɓi 25,000 sauri. Shi ya sa idan aka auna sakawa a tsakiya, jeri yakan ba mutane mamaki.

Nura_Injiniya

Malam na ji, amma "sau da yawa" ba "kullum" ba ne. In ina saka abu a farkon layi fa, sau dubu ɗari?

Malam_Habu_Zariya

A nan ka ci. `add(0, x)` a jeri kowane kira sai ya tura duk abin da ke ciki, a sarƙa kuwa kan yana hannunka, ba tafiya ba matsarwa. Ban ce sarƙa ba ta da ranarta ba.

Issoufou_Maradi

Sannunku da aiki. Ni ban iya Java ba, Python nake taɓawa, amma abin da Malam Nura ya kawo ya taɓa cizona. Na rubuta ɗan firogiram mai tura saƙonnin tunatarwa ga membobin wata ƙungiyar manoma. Saƙonnin suna cikin `list`, ina ɗaukar na farko da `pop(0)` in tura, in koma. Ni a zatona tunda sunanta `list` to sarƙa ce. Ashe jeri ce, sunan ne ya ruɗe ni. Kowane `pop(0)` sai duk sauran sun matso. Da layin ya yi tsawo sai na ga abin yana ja da ƙyar a farko, yana ƙara sauri in ya kusa ƙarewa, na rasa dalili har wani abokin aiki ya nuna mini `deque` da `popleft()`. Tun daga ranar ban sake jin ɗuriyar matsalar ba.

ummi_dev

Wannan alamar da ka faɗa tana da kyau a riƙe, nauyi a farko sauƙi a ƙarshe. To `deque` ɗin sarƙa ce ke nan?

Abba_Kod

Ruwa biyu ce. Ta Python sarƙa ce, amma kowace gaɓa ba abu ɗaya take ɗauka ba, ƙaramin jeri ne mai gurbi 64. Ka ga an ci moriyar maƙwabtaka, an kuma ci moriyar ƙari a kai ko a wutsiya. A Java kuma akwai `ArrayDeque`, ita jeri ce zalla amma mai zagayowa: tana riƙe lambar inda kai yake da inda wutsiya take, in ka cire na farko ba ta matsar da kowa, lambar kan kawai take turawa gaba. In wutsiya ta kai bango sai ta zagayo ta ci gaba daga gurbin 0. Don haka ko ranar da Malam ya bar wa sarƙa, wato sakawa a farko, akwai jerin da yake yin ta. Abin lura ɗaya, ba ta karɓar `null`.

Danladi_Waya

Duk wannan dogon turanci, da ya sayi laftof mai ƙarfi da tuni an wuce wurin.

Maman_Hanif

Danladi, a ce ka sai masa wanda ya ninka nasa sauri sau huɗu. Ranar da cinikin kantin ya ninku sau biyu an koma gidan jiya. In ya kai miliyan ɗaya, taku biliyan 250 ne. Wane laftof za ka kawo?

Danladi_Waya

To ni dai na faɗi nawa. Kowa da sana'arsa.

hauwa_kt

Don Allah tambaya daga ɗalibar aji biyu, kada a yi mini dariya. An ce mana jeri girmansa ƙayyadajje ne, in ka ce gurbi 10 to 10 ne har abada. To ta yaya `ArrayList` take karɓar abu 100,000 ba a faɗa mata tun farko ba? Ni wannan ne ya sa nake ganin sarƙa ta fi, tunda ita ba ta cika.

Maman_Hanif

Ba abin dariya ƙanwata, tambayar a wurinta take. Gaskiya ne jerin da ke ciki ba ya faɗaɗa, domin filin da ke gefensa wataƙila wani ya riga ya zauna. Abin da take yi shi ne ƙaura. Tana farawa da gurbi 10. Ranar da na 11 ya zo, sai ta nemi sabon fili da ya fi na da da rabi, ta kwashe kowa zuwa can, ta bar tsohon. Daga 10 zuwa 15, zuwa 22, 33, 49, 73, 109, haka haka.

Za ki ce ai ƙaura wahala ce. E, amma duba yadda take yin wuya in an girma. Kafin a kai 100,000 sau 23 kawai za a ƙaura, na ƙarshe daga 71,140 zuwa 106,710. In kika tara duk abin da aka kwashe a ƙaurorin nan, wajen 213,000 ne, wato kowane abu an ɗaga shi kamar sau biyu a matsakaici. Ba komai ba ne. Da a ce gurbi ɗaya-ɗaya take ƙarawa, da kowane `add` ƙaura ne, da mun koma irin ciwon Sadiq. In kuma kin san adadin tun farko, ki rubuta `new ArrayList<>(100000)`, ba ƙaura ko ɗaya.

hauwa_kt

Na gane Anti. Amma ai ga asara nan, gurbi 6,710 a zaune ba kowa.

Abba_Kod

Lissafa ki gani. Kowane gurbi adireshi ne mai bayit 4, a Java ta zamani in memorin da aka ba ta bai kai giga 32 ba. Gurbi 106,710 bai kai rabin megabayit ba, har da fankon. A sarƙa kowace gaɓa ita kanta abu ce mai zaman kanta: bayit 12 na kan gaɓar, da adireshi uku, na kaya da na gaba da na baya, jimla bayit 24. Sau 100,000, megabayit 2.4. Ta ninka jerin fiye da sau biyar, kuma ba a sa cinikin kansa a lissafi ba. Ga kuma mai sharar memori da aka ƙara wa gaɓoɓi 100,000 da zai riƙa bi.

ummi_dev

Tsaya Abba, ka ce gurbin adireshi ne. Ke nan a `ArrayList` ba cinikin ne a jere ba, adireshinsu ne a jere? To ai maganar Malam ta lambobi 16 kyauta ba ta shafi Sadiq ba.

Malam_Habu_Zariya

Madalla da wannan ido, Ummi. Haka ne, na sauƙaƙa misalin. A `int[]` lambobin da kansu ne a jere. A `ArrayList<Ciniki>` adireshi ne a jere, kowane ciniki yana nasa wurin. Don haka akwai tsalle ɗaya da ba makawa. Bambancin shi ne a jeri adireshin 16 suna zuwa tare, furosesa tana iya aika neman ciniki da yawa lokaci guda ba ta jira na farko ya iso ba. A sarƙa tsalle biyu ne, zuwa gaɓa sannan zuwa kaya, kuma na gaɓar dole a yi shi bi da bi.

Sannan in yi wa sarƙa adalci: idan an gina ta a zama ɗaya kamar yadda Sadiq ya cika tasa da bayanan gwaji, gaɓoɓin sukan faɗo kusa da juna, sai ta yi sauri fiye da yadda na kwatanta. Warwatsuwar tana tsananta ne bayan an daɗe ana sakawa ana cirewa. Wannan yana cikin dalilan da suke sa awon mutum biyu ya saɓa, kowa kuma ya rantse nasa ne daidai.

sadiq_400L

Jama'a na sake dawowa. Na bi shawarar masu rinjaye na koma `ArrayList`. Sauri ba magana. Amma yanzu jimillar ba ta fita daidai. Na gwada da ciniki 6 da hannu, na soke na uku da na huɗu, na 1,500 da na 700. Ya kamata jimla ta zama 4,300, sai ya ba ni 5,000. Ga yadda nake cire sokakku:

```java
for (int i = 0; i < ciniki.size(); i++) {
    if (ciniki.get(i).anSoke) ciniki.remove(i);
}
```

Ko jerin ne yake da matsala in koma sarƙata?

Nura_Injiniya

Ka gani ko? Na ce ka zauna inda kake.

Maman_Hanif

Injiniya kada ka yi saurin murna, wannan kod ɗin ko a sarƙa haka zai yi, kawai bai taɓa gwada sokakku biyu a jere ba ne. Sadiq, bambancin 700 ne, wato na huɗun ne ya tsira. Bi shi a hankali. Na uku yana gurbi 2. Ka cire shi, na huɗu ya matso ya zauna a gurbi 2. Kai kuma `i++` ya kai ka gurbi 3. Wa ya duba sabon mai gurbi 2? Babu. Duk sokakken da ya biyo bayan wanda aka cire zai tsallake.

Kada kuma ka ce za ka yi `remove` a cikin gajeren `for` ɗin da na ba ka ɗazu, zai jefo maka `ConcurrentModificationException`. Yi wannan:

```java
ciniki.removeIf(c -> c.anSoke);
```

Tun Java 8 yake nan. Ban da gyara kuskuren, ya kuma kashe maganar matsarwa: ba ya cire ɗaya ya tura kowa, ya cire wani ya sake tura kowa. Yana tantance waɗanda za su tafi, sannan ya tattara masu zama a wucewa ɗaya. Ko sokakku 10,000 ne cikin 100,000, kowane mai zama sau ɗaya zai motsa.

sadiq_400L

4,300 cif. Allah ya saka da alheri Anti, ya raya Hanif.

Bashir_Kumasi

Ina karantawa tun ɗazu ban sa baki ba. Tambayata ga Sadiq daban ce: me ya sa kake goge cinikin da aka soke? Mai kanti zai so ya ga wa ya soke, yaushe, nawa ne. Wurin da na taɓa yi wa aiki, ta wannan ƙofar kuɗi suka riƙa zurarewa, yaron kanti ya karɓi kuɗi ya soke rasit, ba alama. Ka bar su a ciki da alamarsu ta `anSoke`, in za ka tara ka tsallake su. Ka ga ba cirewa ke nan balle a yi gardamar wa ya fi saurin cirewa.

sadiq_400L

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Mai duba aikina ma zai so haka.

hauwa_kt

To ni yanzu na rikice ta wani gefen. In jeri ya fi a nema, ya fi a bi, ya fi a memori, har a sakawa ma yakan fi, me ya sa ake wahalar da mu da sarƙa zango guda? Kuma ranar jarrabawa me zan rubuta?

Abba_Kod

A jarrabawa ki rubuta abin da aka koya miki, ba ƙarya ba ne: sakawa da cirewa a sarƙa O(1), ki ƙara da "idan ana riƙe da gaɓar". A wurin aiki kuma ni dai shekara da shekaru ban rubuta `new LinkedList` ba.

Malam_Habu_Zariya

Abba, ba ka rubuta ba, amma kana hawa kanta kullum. Cikin zuciyar Linux akwai `list_head` ko'ina, da shi ake ɗaure ayyukan da ke gudana da abubuwa da yawa. Dalili shi ne a can sharaɗin nan ya cika: abin yana hannunka ta wata hanya, adireshin gaba da na baya suna cikin jikinsa, kana so ka zare shi daga wannan layi ka sa a wancan ba tare da ka nemi sabon fili ko ka motsa kowa ba. Kuma abin ba ya ƙaura, duk wanda ya riƙe adireshinsa yana nan daram.

Ko a Java ɗin, `LinkedHashMap` haka take. Teburin da ke cikinta yana kai ka kan gaɓa kai tsaye ba tafiya, sarƙar kuma tana riƙe tsarin wa ya riga wa. Da ita ake yin ma'ajiyar da take korar abin da aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Gwada yin wannan da jeri ka ga matsarwa.

Sannan a tuna sarƙa ta fito ne tun wajen 1956, a aikin Newell da Shaw da Simon, yaren firogiram na Lisp ya ɗauke ta a 1958. A injinan wancan zamani tazarar da ke tsakanin furosesa da memori ba ta kai ta yau ba, ƙirgen taku ya fi kusa da gaskiyar lokaci. Darasin bai canza ba, injin ne ya canza a ƙarƙashinsa.

Nura_Injiniya

To ai maganata ke nan tun farko, tana da amfani.

Abba_Kod

Maganarka ita ce Sadiq ya zauna a kanta, Injiniya. Wannan daban.

Nura_Injiniya

Har yanzu ban ga awo ba, baki kawai nake ji. Zan rubuta gwaji da kaina a daren nan: abu miliyan ɗaya, ina bi da `ListIterator` ina saka sabo bayan kowane na goma. In jeri ya ci wannan zan dawo in ba da haƙuri a gaban kowa.

Maman_Hanif

Wannan kam sarƙa za ta ci, ka zaɓi filin da ya dace da dokinka. Sakawa 100,000 a jeri mai miliyan, kowanne da matsarwarsa, ba za ta yi kyau ba. Amma mai hankali ba haka zai yi da jeri ba, sabon jeri zai buɗe ya riƙa zubawa yana tafiya, wucewa ɗaya. Ka sa wannan a matsayin na uku a gwajin. Kuma ka bar kod ɗin ya zagaya sau da yawa kafin ka fara duba agogo, Java takan yi nauyi a zagayen farko kafin ta ɗumama.

Nura_Injiniya

Sabon jeri ai memori biyu ke nan a lokaci guda. Zan sa shi dai, amma zan rubuta abin da kowanne ya ci.

Issoufou_Maradi

In ka gama ka liƙo kod ɗin a nan Malam Nura, ina so in juya shi zuwa Python in ga ko `deque` za ta shiga tsakani.

sadiq_400L

Ni dai na bar shi a `ArrayList`, na daina goge sokakku kamar yadda Yaya Bashir ya ce. Sai dai yanzu neman rasit da lambarsa ne yake bin layi tun daga farko, kuma mai kanti zai riƙa yin sa sau da yawa a rana. In jera su bisa lamba in riƙa raba biyu, ko akwai wata dabarar?

Abba_Kod

In lambobin rasit a jere suke fita kuma ba ka gogewa, ai rasit na 5,001 yana gurbi 5,000, `get` ɗaya ne. In akwai giɓi a lambobin, `HashMap`. Buɗe sabon zare ka kawo yadda kake ba da lambar mu gani.